Sharuɗɗa takwas, kana da huɗu: ka tura ko ka haƙura?

1/ Ni dai na daina ƙirga sharuɗɗan tallar aiki. Tambayata ita ce: wane rabin nake da shi?

2/ A ce wata ƙungiyar agaji a Maiduguri tana neman jami'in tattara bayanai. Suna son digiri, takardar bautar ƙasa, gogewar shekara 3, Excel, KoboToolbox, iya rubuta rahoto, Hausa da Kanuri.

3/ Digiri da takardar bautar ƙasa su ne ƙofar shiga. Da su ake tankaɗen farko, sau da yawa tun kafin a karanta wasiƙarka. In ba ka da su, wallahi kar ka ƙona datarka, ko da ka cika sauran shidan.

4/ To, a ce kana da waɗannan biyun, ga Excel, ga Hausa. Huɗu ke nan, amma ka wuce ƙofa. Kanuri kuwa, in a ƙarƙashin "added advantage" aka sa shi, rashinsa ba ya kore ka. KoboToolbox kyauta ake buɗe shi. Zauna ka haɗa fom ɗaya, ka gwada a wayarka, sannan ka rubuta cewa ka iya.

5/ Shekara ukun nan ce matsalar. In kana da biyu, har da shekarar bautar ƙasa da ka yi kana irin aikin, ni zan ce ka tura. In babu ko ɗaya, damarka kaɗan ce, don masu shekara biyar ma suna layin. Gara ka nemi gurbin mataimaki a ƙungiyar.