Inda Ake Soya Fulawa Don A Yi Miya

New Orleans gari ne da ruwa ya fi shi tudu. Kogin Mississippi yana bin gefensa a bayan wata doguwar ganuwa da aka yi masa, unguwanni da dama kuma suna ƙasa da teku, har mutum kan tsaya a titi ya ɗaga kai ya ga jirgin ruwa yana wucewa. Tsofaffin maƙabartunsu ɗakuna ne aka gina a bisa ƙasa. Ga wadda ta tashi a Daura, inda sai an zurara guga a Kusugu kafin a ga ruwa, wannan kaɗai ya isa labari. Amma ni da na je zaman jegon ƙanwata, abin da ya fi tsaya mini a rai a madafa na gan shi.

Suna da wata miya da suke kira gambo, wadda jihar Louisiana ta mayar abincinta na hukuma a 2004. Ana sa mata kuɓewa, irin tamu sak, wadda ta bi bayin da aka kwasa daga Afirka. Da na ji haka na ce yau na zo gida. Sai maƙwabciyar ƙanwata, wata dattijuwa baƙar fata, ta kira mu mu ga yadda take yin tata, ta kuma yi alkawarin da kaza da jatan lande za ta yi, don su yawanci da naman alade suke haɗawa.

Kuɓewar ta fara yankawa ƙwaya-ƙwaya, ta zuba a mai ta yi ta soyawa, ta ƙara tumatir, tana juyawa har zaren da ke bin cokali ya ɗauke. Na tambayi ƙanwata me matar nan take yi haka. Ta ce, "Yaya, yauƙin take kashewa." Na riƙe baki. Mu da muke goga ɗanyar kuɓewa ko mu jajjaga ta, mu jefa ɗan ƙullin kanwa, mu bar tukunya a buɗe, mu kaɗa da maburgi, duk don yauƙin nan ya tashi! Ashe ilimin ɗaya ne, kowa da inda ya nufa da shi. Yauƙi yana cikin kuɓewar tun tana ɗanya, ruwa kawai yake jira ya fito, kuma iya yadda aka farfasa ta iya yawansa. Kanwa tana tausasa ta ta ƙara mata ja. Tsami da zafin mai da daɗewa a wuta su ke tsinka shi. Shi ya sa miyar kuɓewar da aka cika wa tumatir take kwanciya kamar ba a sa komai ba.

To idan an kashe yauƙi, me zai riƙe miyar? A nan ne ta ɗauko abin da suke kira ru, wanda suka gada daga Faransawan da suka kafa garin a 1718. Kofi ɗaya na mai, kofi ɗaya na fulawa, a tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya, wuta madaidaiciya. Ta ce daga yanzu ko waya ta yi ƙara ba ta ɗauka. Tana juyawa da cokalin katako mai faɗin baki, tana kankare gindin tukunya, ba tsayawa. Da fari abin fari ne yana kumfa. Can ya koma ruwan tunkuza, gidan ya ɗauki ƙanshin soyayyar gyaɗa. Ta wuce nan, ya yi ja, ya yi duhu, bayan kamar minti arba'in ya zama ruwan cakulan. Tsakanin wannan launi da ƙonewa bai fi ƙiftawar ido ba. Alamar ƙuna baƙaƙen ɗigo-ɗigo ne a ciki da ƙauri mai ɗaci, kuma idan sun bayyana babu gyara, sai zubarwa a sake sabo. Ta nuna mini tabo a bayan hannunta, ta ce abin ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma idan ya fallatsa manne wa fata yake yi.

Da launin ya kai, sai ta juye albasa da koren tattasai da seleri a ciki, tukunya ta yi cuu, ruwan kayan ya sauke zafin. Sannan romon kaza, kusan lita uku, ludayi-ludayi tana juyawa don kada ya yi gudaji. Ta mayar da kuɓewar, ta rage wuta, ta bar shi fiye da awa guda tana kwashe man da ke tasowa.

Na zaci miyar da aka zuba wa fulawa kofi guda za ta tsaya cak. Ko kusa. Ruwa-ruwa ta fito, mai duhu, tana lulluɓe bayan cokali da ƙyar. Dalilin shi ne sitacin fulawa ne yake kumbura a ruwan zafi ya yi kauri, doguwar suya kuma karya shi take yi. Farin ru na minti biyu ko uku, wanda Faransawa ke yi da man shanu, shi ne mai kauri sosai, laushi lumus, ba ja ba sheƙi. Baƙin nan kuwa an sayar da kaurinsa ne an sayi ɗanɗano.

Sai da aka zuba a kan shinkafa aka ba ni cokali na gane. Mu loma muke yanka ta tuwon dawa ko na gero, muna son miyar da za ta naɗe ta, ta raka ta maƙogwaro. Su miyar da za ta ratsa tsakanin ƙwayar shinkafa suke nema. A zuba yauƙinmu a cokali, rabi zai koma kwano kafin ya kai baki. A ɗora tasu a kan tuwo, gangarewa za ta yi. Duk da haka ba zan ɓoye ba, na ji kewar daddawa a ciki.

Kauri na uku a gidan abincin 'yan Biyetnam na gan shi, waɗanda suka zauna a gabashin garin bayan 1975. Miyar ƙaguwa aka kawo, tana ƙyalli, ana hango tsokar a cikinta. Wannan aikin kwanfulawa ne, wato tsantsar sitacin masara. Duk wadda ta taɓa dama koko da gasara ta riga ta san shi: da ruwan sanyi ake fara damawa, don idan aka barbaɗa garin a ruwan zafi bayansa ne zai dahu ya kulle busasshen cikin. Babban cokali ɗaya ya ishi kofin romo, kusan rabin fulawar da za a buƙata. A ƙarshe ake zubawa, da ya tafasa farin ya washe, minti ɗaya a sauke. A bar shi yana ta tafasa ana juyawa, ya tsinke. A bar shi ya huce, ya daskare ya fara tsatsar ruwa. Ba shi da ɗanɗanon kansa, kuma ba miyar ɗumame ba ce.

Da muka koma wajen dattijuwar na kai mata busasshiyar kuɓewa da kuka daga cikin tsarabar da na sayo a kasuwar Mai'adua. Ta shinshina kukar, ta tashi ta ɗauko wata 'yar kwalba mai koren gari, file, dakakken ganyen itacen sasafaras da suka koya a wurin 'yan ƙabilar Choctaw. Ta ce shi sai an sauke tukunya ake barbaɗawa, don idan ya tafasa zare yake yi, miya ta lalace. Ƙanwata ta fassara mini, ta ƙara da nata: "Yaya, ki gaya mata a Daura wannan lalacewar muke nema."