Dandalin Bidiyo Kasuwa Ne, Ba Rumbu Ba

A ƙauyukan Dambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, ba a taɓa jin manomin da ya ajiye irinsa a rumfar kasuwa ba. Amma abin da 'ya'yanmu suke yi da bidiyonsu ke nan: su ɗauka, su ɗora a dandali, su goge na wayar domin wuri ya cika.

Shekara biyar ke nan ina ɗaukar hirar dattawan garinmu kan iyakokin gonaki, da saƙar rumbu, da haɗa gero da wake a kunya ɗaya. Uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wani ɗalibina da ke irin wannan aiki ya wayi gari an rufe masa shafi a wani dandali, muryar kakansa ta tafi ke nan. Zanen aro ba ya rufe katara. A ƙa'idar YouTube, gargaɗi uku cikin kwana 90 sun isa a rufe tasha, kuma da ma ba sai mutum ya yi laifi ba: mun ga yadda gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Abin da nake yi bai da wahala. Kafin in ɗora bidiyo, sai na kwafi ainihinsa daga waya, domin dandali yana matse abin da aka ba shi, ba ya mayar da shi yadda ya karɓa. Bidiyo mai kyau na waya yakan ci wajen megabayit 100 a minti ɗaya, don haka memori mai gigabayit 64 zai ɗauki kimanin awa goma. Guda biyu nake saye. Ɗaya yana cikin gwangwani a gidanmu na ƙauye, nesa da laima da zafin rufin kwano, ɗayan yana tare da ni a Kano. Kowane bidiyo ina sa masa kwanan wata da sunan gari da na mai magana, saboda bayan shekara goma fuska kaɗai ba za ta gaya wa jika komai ba.

Matsalar ita ce jabun memori, wanda ke nuna girman da ba shi da shi. Gane shi sai an cika shi maƙil, sannan a bi bidiyon ana buɗewa tun daga na farko har na ƙarshe. Idan wasu suka ƙi buɗewa, kada a ba shi amana.

Wanda kuwa ya riga ya goge ainihin nasa, ya shiga Google Takeout ya sauke abin da ya ɗora a YouTube tun shafin yana raye, ranar da ya shigo gari ya sami sabis mai ƙarfi. Bayan an rufe ƙofa, sai roƙo.