Layi Huɗu Na Turanci Da Za Su Raka Tsaraba



A wurinmu kyauta ba ta tafiya da takarda. Baki ne ke raka ta, kuma aikin bakin shi ne ya ƙasƙantar da ita. Mutum zai miƙo turmin atamfa yana cewa ga wannan ba yawa, a yi haƙuri. Zai ba da kuɗin da za su ciyar da gida mako guda, ya ce a sayi goro. Wanda aka ba ya san sarai kawaici ne, don haka sai ya cika wurin da godiya da addu'a, ya ajiye kayan a gefe ba tare da ya buɗe ba, in kuma yaro aka aiko ya sallame shi da tukuici. Kowa ya san rawar da zai taka, shi ya sa ba a buƙatar alƙalami.

Matsalar tana tasowa ne ranar da ɗayanmu zai sauka a gidan wanda bai san wannan al'ada ba. A Ingila an saba kyauta ta zo da ɗan kati, mai gida ya karanta katin, sannan ya kwance kayan a gabanka kana kallo. Abin da ka rubuta a katin shi ne zai gaya masa yadda zai ɗauki abin da ke hannunsa. Mu da muke kiran kanmu marubuta, irin wannan aikin a kanmu yake faɗawa, domin a unguwa duk wanda aka ce yana rubutu, shi ake kawo wa takarda.

Wata 'yar ƙungiyarmu ta samu gayyatar wani taron marubuta a Ingila, aka ce za ta yi kwana takwas a gidan wata dattijuwa, malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda ba ta taɓa zuwa Afirka ba. Ta sayi yadi na rinin baba daga marinar Ƙofar Mata a Kano, ta kawo mana daftarin wasiƙar da za ta haɗa da shi don mu duba. Daftarin ya cika shafi guda. Ya fara da tambayar lafiyar matar da ta iyalinta, ya wuce zuwa maƙasudin rubuto wasiƙa, kamar dai yadda aka koya mana duka a sakandare. Turancin ba shi da aibu ta fuskar nahawu. Sai dai a tsakiya akwai jimlar da muka daɗe a kanta, inda ta roƙi matar da cewa “please manage this small gift”.

Duk ɗan Najeriya ya san abin da ake nufi da wannan. A yi haƙuri ba yawa ce aka sa mata rigar Turanci, kuma a Kano ko Legas babu wanda zai tsaya a kanta. Amma a kunnen Baturiyar Ingila, kalmar “manage” tana nufin gudanar da wani aiki, ko kuma jure wa abu mai wuya. Ko dai ta rasa gane abin da ake so ta yi da yadin, ko ta ɗauka ana gaya mata cewa kayan ba su da kyau, ta daure da su. To ga mace ta zaɓi yadi da kanta, ta ɗauko shi tun daga Kano, sannan takardar da ke tare da shi tana ba da haƙuri a kansa. Kawaicin da ya ɗaga darajar mai kyauta a gida, a can ya koma rage darajar kyautar. Turawa ma suna da nasu kawaicin, sukan ce ga ɗan wani abu, amma sau ɗaya suke faɗa su wuce, ba sa haɗa shi da neman afuwa.

Abin da muka tsayar shi ne, girmamawar da Hausa ke zubawa a doguwar gaisuwa, katin Turanci yana zuba ta ne a ambaton takamaiman abu. Idan ka ce na gode da duk alherinki, ka faɗi abin da za a iya rubuta wa kowa. Idan ka ce na gode da kika zo tashar jirgin ƙasa kika tarye ni, matar ta san ka lura da wahalar da ta sha, kuma ta san katin nata ne ita kaɗai. Wannan yana da wani sakamako da ya kamata matafiyi ya sani: ba a gama rubuta katin a gida. A tafi da shi babu rubutu, a riƙe daftarin a waya, sai an isa an ga abin da mai gida ya yi sannan a cike layin farko. 'Yar uwarmu ta rubuta nata ne a daren da ta sauka, bayan ta ga cewa ɗakin 'yar matar aka gyara mata. Ga abin da ya shiga katin, ban da gaisuwar sama da sa hannu:

“Thank you for giving me your daughter's room and for meeting me at the station. This cloth was dyed by hand with indigo in Kano, my home city. I hope it finds a place on your table. Please wash it separately, in cold water, as the colour runs.”

Jimla huɗu ke nan, kalma 48. Ta farko godiya ce a kan ɗaki da tarya. Ta biyu ta faɗi menene kayan da inda ya fito, cewa rinin hannu ne na baba daga Kano, garinsu. Ta uku fata ce cewa yadin zai samu wuri a kan teburin matar. Ta huɗu ta ce a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, domin yana zuba.

Jimla ta biyu ita ce muka fi ja-in-ja a kanta, don nan ne marubuci ke son ya saki jiki. Akwai abin faɗa da yawa game da Ƙofar Mata: ramukan da aka gina a ƙasa, yadda ake haɗa baba da toka da ruwa a bar su su tsimu, yadda ake tsoma yadi a ɗaga shi ya sha iska a sake tsomawa har shuɗin ya kama, da kuma shekarar 1498 da ake danganta kafuwar marinar da ita. Wasu cikinmu sun so a sa duka. Aka ƙi, kuma muna ganin ƙin ya yi daidai. Kati ana karanta shi ne a tsaye, mai kyautar na gefe yana jira, kayan na ɗaya hannun. Ɗan ƙaramin kati bai wuce santimita 10 da rabi a faɗi da kusan 15 a tsawo ba, rubutun hannu na kalma hamsin ya kusa cinye shi. Bayan haka, wanda zai kwana takwas a gidan baƙi yana buƙatar abin hira a wajen cin abinci. Idan katin ya ambaci rinin hannu da Kano ya yi shiru, matar da kanta za ta tambayi yadda ake yi, kuma labarin ya fi daɗi a baki.

Jimla ta uku ba ado ba ce. Mu in an ba mu yadi mun san hanyar shagon tela. Dattijuwar Ingila ba lallai ta san abin da za ta yi da yadi biyu na shuɗin ƙyalle ba, kuma kunya za ta hana ta tambaya, sai ta ninke ta sa a durowa. Da aka ambaci tebur an ba ta mafita, an kuma bar mata zaɓi tun da fata aka yi, ba umarni aka ba ta ba. Ta huɗun kuwa, wadda ta fi kowace rashin armashi, ita ce ba za a taɓa cirewa ba. Duk wanda ya taɓa sa sabuwar riga ta rinin baba ya san yadda take barin shuɗi a fata. A can injin wanki ake zuba wa kaya gaba ɗaya. In yadin ya shiga tare da fararen zannuwan gado, tsarabar ta zama ɓarna, kuma da sunanka za a riƙa tuna ta.

Sai batun gaisuwar sama. Maza da yawa suna jin nauyin rubuta wa mace “Dear”, suna ganin kamar sun kira ta masoyiya. A wasiƙar Turanci kalmar ba ta ɗauke da wannan ma'ana, har banki da ita yake buɗe wasiƙa. Abin da ya fi buƙatar lura shi ne sunan da zai biyo baya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a duba yadda mai gidan ya sa hannu a saƙonsa na ƙarshe. In sunansa na farko kawai ya rubuta, ya ba ka izinin kiransa da shi, ko da ya girmi mahaifinka. Mun san wannan yana da nauyi a bakin Bahaushe, mu da ba ma kiran sunan babba gatsau. Wanda ya kasa, sai ya sa laƙabin da sunan iyali, ba da sunan farko ba. In matar dakta ce ko farfesa, wannan laƙabin shi ne a gaba. “Ma” da muke kiran manyan mata da shi a ofisoshinmu, a bar shi a gida, domin a can yana iya zama kamar ka kira ta inna.

A ƙasa kuma, rufewar da muka haddace don wasiƙar neman aiki ba ta dace da gidan da za ka ci abinci a cikinsa ba. “With thanks” ya wadatar, sai sunanka. A rubuta sunan da kake so a kira ka da shi, harafi-harafi yadda zai karantu, domin wataƙila daga katin ne mai gida zai koyi yadda ake rubuta shi. Addu'a kuwa, wadda a wurinmu ita ce cikar godiya, mun bar ta ga sanin matafiyi: in ya san mai gidan ma'abocin addini ne ya sa layi guda, in bai sani ba fatan alheri ya isa a takarda. Farashin kaya ba ya shiga kati, a kuma duba a cire duk wata takardar kuɗi da ke manne.

Da yake an tambaye mu ko katin zai canza in tsarabar ta ci ce, amsar ita ce jimla ta huɗu ce ke canzawa. Kilishi dai kada ma a fara, domin dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya shigo da nama ko kayan madara a jakarsa, kuma ƙwace shi za a yi a filin jirgi. In abin da gyaɗa ne a ciki, kamar ƙuli-ƙuli ko yajin tsire, dole katin ya faɗi hakan ƙarara, kuma da kalmar “peanuts”, wadda ita suka fi sani a kan wadda aka koya mana a makaranta. Akwai mutanen da ɗan kaɗan na gyaɗa ke toshe musu numfashi har ya kai su asibiti, kuma garin yaji ba ya nuna wa ido abin da aka daka a cikinsa.