Zaman watan shida da ya hana mu faɗa a Disamba

Shekarata ta biyu ina aiki a wani asusun ajiya da ba da bashi nan Maradi, shef ya kira ni biro a watan Disamba, ya miƙo mini takardar auna aikin shekara. A gurbin rahoto ya ba ni maki mafi ƙasa, wai kullum rahotona na wata yana zuwa a makare. Na ce, "Shef, tun yaushe?" Ya ce tun watan uku. Wata tara ke nan muna gaisawa kowace safiya, har shayi muna sha tare, bai taɓa ce mini uffan ba. Kuɗin ƙarshen shekara suka wuce ni saboda abin da zan iya gyarawa cikin sati guda.

Yau ni ma ina da ma'aikata a ƙarƙashina, kuma duk ƙarshen watan shida nakan zauna da kowannensu awa ɗaya. Ba ranar ba da maki ba ce, kuma nakan faɗi haka tun daga bakin ƙofa, don in mutum ya zaci hukunci ne, kare kansa kawai zai yi.

Bara na zauna da wani matashi mai bin ƙungiyoyin mata a ƙauyuka. A watan ɗaya mun rubuta masa abu biyu: ya kawo sabbin masu cin bashi 120 a shekara, kuma bashin da ya yi jinkiri fiye da kwana 30 kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ke waje a hannunsa. Na bar shi ya fara magana. Cikin murna ya ce ya riga ya kawo mutum 90. Gaskiya ne. Sai na juyo masa takardar: kuɗinsa da ke waje miliyan 20 na sefa, miliyan 1 da jaka 800 suna cikin jinkiri, wato kashi 9. Shi a lissafinsa, kason da aka kasa biya kawai yake ƙirgawa. Mu kuwa, in mace ta wuce kwana 30 ba ta biya kaso ɗaya ba, duk ragowar bashinta ne ke shiga lissafin. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa wannan bayani, har da ni.

Da muka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, sai ga yawancin jinkirin a ƙauye biyu ne. Ranar karɓar kuɗi ta faɗa kwana ɗaya kafin kasuwarsu, lokacin da hannun mata ya bushe. Ga motonsa ta yi sati biyar a wajen gyara tana jiran sa hannuna. Nan kam kunya ta kama ni, don rabin laifin nawa ne. Shi ya sa nake ganin zaman da shugaba ya fita ba tare da ya ɗauki wani aiki a kansa ba, bai cika zama ba.

Watan shida yana da muhimmanci a irin aikinmu saboda damina na shigowa, hatsi ya ƙare a rumbu, kuɗi sun tafi gona, hanyoyi na yankewa. In ba a gyara yanzu ba, sai kaka. Muka rubuta rabin takarda: sabbin mutane su tsaya a 100 maimakon 120, karɓar kuɗi a ƙauyukan nan biyu ta koma washegarin kasuwa, ni kuma in sa hannu kan gyaran moto da kuɗin esansi cikin sati. Muka sa ranar sake dubawa, ƙarshen watan tara. Ya sa hannu, na sa, kowa ya riƙe kwafi.

Wani abu da na koya da wahala: yaran nan ba sa musu da babba. Kana magana yana cewa "to shef, ba matsala", alhali bai yarda ba, ko bai gane ba. Don haka kafin mu tashi nakan ce, "Ƙanena, faɗa mini da bakinka, in yau ne Disamba, wane maki kake ganin zan ba ka?" In amsarsa ta yi nisa da abin da ke raina, to ba mu gama ba, sai mu sake zama. Shi ya yi shiru, sannan ya ce, "Na tsakiya, ko ƙasa da haka." Na ce haka nake gani ni ma.

A watan tara jinkirin ya sauko kashi 7, a Disamba kashi 6. Bai kai 5 ɗin ba, kuma ban ba shi maki na sama ba, na tsakiya ya samu. Ya shigo biro riƙe da rabin takardar nan a ninke, ya karanta makin, ya sa hannu, sannan ya tambaye ni ko za a bar masa ƙauyukan biyu a shekara mai zuwa, don yana son ya ƙarasa.