Moton da Ya Yi Damina a Sito

Mu masu aikin lantarki a unguwar nan mun san lokacin da ake fara nemanmu a Potiskum: da zarar gero da wake sun shigo kasuwar hatsi, masu injin niƙa sai su fito da moton da suka ajiye tun kafin ruwan farko. Kowa sauri yake yi, a jona, a kunna. Mu kuwa sai mu ce a dakata, a bari mega ta duba tukuna.

Wayar tagullar da ke naɗe cikin moto, fenti ne siriri da takarda suka raba ta da ƙarfen jikinsa. Moto mai aiki kullum da ɗumi, danshi ba ya zama a cikinsa. Wanda ya kwanta a kan siminti daga Yuni zuwa Satumba kuwa ya sha raɓa, ga ƙurar hunturun bara da ta lafe a kan koyil ta jiƙe. A wannan jiƙaƙƙiyar ƙura wuta ke samun hanyar zuwa ƙarfe. Ko dai koyil ya ƙone, ko wuta ta ja yaron da ke zuba hatsi. Ƙaramar mita mai batirin bolt 9 ba ta ganin wannan yoyo, sai ta ce lafiya lau. Mega tana tura bolt 500, wanda ya dace da gwajin moto mai fes uku na bolt 415.

Ga wani da muka duba a watan Oktoba, mai kilowat 7.5, na wani dattijo maƙwabcinmu. Mun raba shi da kowace waya, muka buɗe akwatin jona wuta, muka cire ƙarafan da suka haɗa koyil ukun don kowanne ya tsaya shi kaɗai. Waya ɗaya ta mega muka maƙala a jikin moto, inda muka kankare fenti, ɗayar a kan U1. Aka danna, aka riƙe minti ɗaya cif. Haka aka yi wa V1 da W1. Bayan kowane awo mukan taɓa koyil da jikin moto da guntun waya don ya zubar da cajin da ya riƙe, in ba haka ba yatsa zai ji a jikinsa.

Abin da muka samu: megom 3, da 2.6, da 1.8. Dattijo ya ce, “To ai ya wuce ɗayan da kuke faɗa, Malam.” Gaskiya ne tsofaffin masu gidanmu sun koya mana megom ɗaya ga kowane bolt dubu, a ƙara ɗaya. Amma ƙa'idar IEEE 43 ta ce ƙaramin moto irin wannan kada ya gaza megom 5, kuma a zafin digiri 40. Mu da safe muka auna, ƙarfen yana wajen digiri 30. Duk ƙarin digiri 10 yana rage awon kusan rabi, don haka 1.8 ɗin nan 0.9 ne a gaskiya. Muka ce, “Baba, a yi haƙuri, kwana biyu kawai.”

Abin da ya fi ba mu labari ma shi ne yadda lambar ta ƙi motsi. A daƙiƙa 30 tana 1.7, a daƙiƙa 60 tana 1.8. Busasshen koyil lambarsa hawa take yi muddin ana riƙe da maɓalli. In ta tsaya cak a ƙasa, danshi ne ko datti. Da yake duka ukun sun faɗi tare, muka fi zargin danshi. Da a ce guda ɗaya ne ya sauka kusan sifiri sauran suna sama, da ɓera muka fara zargi, kuma wannan sai wajen mai sake naɗi.

Muka kwance murfin baya, muka ɓamɓare gidan zanzaro har biyu, muka hure ƙura. Sai muka sa ƙwan lantarki na da, mai zafi, guda biyu kusa da koyil, muka lulluɓe da tamfol tare da barin kafar da tururi zai fita. Masu gasa moto da garwashi, ba ma tare da su. Fentin ne ke tsagewa. A daren farko lambar ta ƙara faɗuwa saboda ɗumi, kuma haka ya kamata. Washegari ta fara hawa. Da ya huce a kwana na uku muka samu 60, da 55, da 48, kuma na ƙarshen ya tashi daga 35 zuwa 48 cikin rabin minti. Ko an raba biyu, ya wuce 5 da nisa.

Mega dai ba ta ganin komai. In zagaye biyu na waya sun haɗe a cikin koyil guda, ba za ta sani ba. Shi ya sa muka auna om na koyil ukun da ƙaramar mita muka ga sun zo ɗaya, muka juya sandar da hannu don jin boris. Muka rubuta lambobin da kwanan wata a bayan murfin akwatin, saboda wanda zai buɗe shi baɗi. Ranar kasuwa injin ya niƙa gero har magariba.