Riba uku ce, ba ɗaya ba: abin da littafin man gyaɗa ke nunawa

A bakinmu kalma ɗaya ce, riba. Mai tebur ya ce ya ci riba, mai buhun aya ya ce ya ci riba, mai suyar ƙuli-ƙuli ma haka. Amma a takardar riba da hasara, wadda akanta ke rubutawa a ƙarshen wata ko shekara, ribar hawa uku gare ta, kuma kowane hawa da tambayar da yake amsawa. Wanda ya haɗa su wuri guda, ya ɗebi kuɗin makarantar yara daga hawan farko, to uwar kuɗi yake ci yana tsammanin riba ce. Shi ya sa na ga ya dace malamai da iyaye mu zauna a kan wannan magana, tunda da yawanmu muna taɓa ɗan kasuwanci a gefe, ko kuma sana'ar uwargida ce ke ɗauke da takalmi da littafin yara.

Gyaɗa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Maraɗi. Kafin farin da aka yi a farkon shekarun 1970, ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Wancan zamani ya wuce, amma matsar mai ta zauna a hannun mata, daga Agiye zuwa Gazawa har Gidan Runji. Yayata na cikinsu, kuma ni ke riƙe mata littafi. Zan kawo lissafin wata guda na bayan kaka, na daidaita lambobin don su yi sauƙin bi. Jika ɗaya dai sefa 1,000 ce.

A wannan wata ta sarrafa tiya 200 ta ɓararriyar gyaɗa. Ta samu lita 160 ta mai, ta sayar a kan sefa 1,500, ya ba da jika 240. Ƙuli-ƙuli ya kawo jika 160. Cinikin wata ke nan jika 400, kuma da shi za a auna duk abin da zai biyo baya.

Hawa na farko shi ne ɗanyar riba. Ana samunta idan an cire daga ciniki kuɗin da ya shiga jikin hajar kanta, wato abin da ke ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara tiya ɗaya. Gyaɗa a kan sefa 1,400 tiya ta ci jika 280. Niƙa ya ci 20, itace 12, robobi da leda 8. Jimla jika 320. Saura jika 80. Idan aka raba 80 da 400 sai a samu kashi 20 cikin ɗari: a kowace sefa ɗari da ta shigo, ashirin ce ta rage bayan an biya kuɗin kaya.

A nan akwai wani tarko da ya kamata malaman lissafi su nuna wa ɗalibai. Ƴan kasuwa da yawa suna auna riba da kuɗin saye, su ce jika 80 a kan 320, kashi 25 ke nan. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma wani ma'auni ne dabam. Haya da kuɗin mota da lanho duk daga ciniki ake biyansu, saboda haka da ciniki ake auna ribar. Mai tsammanin yana da 25 alhali 20 gare shi, zai yi alkawarin da aljihunsa ba zai cika ba.

Me ɗanyar riba ke faɗa? Tana faɗin ƙarfin hajar a kasuwa, tsakanin farashin saye da na sayarwa. Ku sake duban lambobin: kuɗin mai gaba ɗaya jika 240 ne, bai ma biya gyaɗar ba. Ashe sana'ar da kowa ke kira ta man gyaɗa, a kan ƙuli-ƙuli take tsaye. Tsofaffin masu matsa sun san haka tun kafin littafi, shi ya sa ba su wasa da tunkuza. Idan ƙulin ya ƙone, ko yara suka yi ta ɗiba, ribar watan ce ke tafiya, ko da man ya ƙare tas a kasuwa.

Ɗanyar riba kuma ita ce ke fara jin zafi idan farashi ya motsa. Da bazara ta yi nisa gyaɗa ta ja baya a kasuwa, a ce tiya ta koma sefa 1,600. Ƙarin sefa 200 a kan tiya 200 jika 40 ne. Idan ba a iya ɗaga kuɗin lita ba, domin man jarka da ake shigowa da shi yana nan da araha, sai ɗanyar riba ta faɗo daga 80 zuwa 40, daga kashi 20 zuwa 10. Gyaɗa ta tashi da kashi 14 kawai, rabin riba ya tafi. Duk sana'ar da kayan sarrafawa ke cinye mafi yawan cinikinta haka take.

Hawa na biyu shi ne ribar aiki. Daga ɗanyar riba ake cire kuɗin tafiyar da sana'a, waɗanda sai an biya su ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A wajen Yaya, hayar rumfa jika 10 ce, kuɗin mota zuwa kasuwannin Gazawa da Cadawa 15, ladan yarinyar da ke zaman rumfa 15, tikitin kasuwa da katin waya 4. Akwai kuma wani da ba a ganin fitarsa daga aljihu: tsufan kayan aiki. Gangar suya da tukwane da sauran tarkace sun ci jika 240, kuma muna sa ran su yi shekara biyar, wato wata 60. Kowane wata ke nan suna cin jika 4. Wanda bai rubuta wannan ba, ranar da ganga ta huje zai ce tsautsayi ne, alhali bashi ne da ya daɗe yana taruwa. Jimlar kuɗin aiki jika 48. An cire daga 80, saura 32, kashi 8 cikin ɗari.

Ribar aiki tana faɗin ko sana'ar ta kai girman kayan da ta ɗauka. Haya ba ta san yawan tiya ba. A watan da gyaɗa ta yi tsada, ɗanyar riba 40 ce, kuɗin aiki na nan 48, an faɗi da jika 8, ga shi kuwa kullum rumfa cike da mutane. A ɗaya gefen, da za ta ninka aiki zuwa tiya 400, ɗanyar riba ta zama 160, kuɗin aiki kuwa ba zai ninka ba. Ko ya kai 60, saura 100 a cikin cinikin 800, fiye da kashi 12. Don haka idan kun ga ɗanyar riba lafiya lau amma ribar aiki ta rame, kada ku zargi farashi. Ku dubi haya da zirga-zirga, ko kuma ciniki ne ya yi wa rumfar kaɗan.

Hawa na uku shi ne tsantsar riba, abin da ya rage bayan an sallami mai bashi da hukuma. Da kaka Yaya ta karɓi lamunin jika 600 daga wani asusu don ta tara gyaɗa, ana ɗora mata kashi 2 a wata, jika 12 ke nan. Lanhon sana'a idan an raba shi wata-wata ya kama jika 4. An cire 16 daga 32, saura 16, kashi 4 cikin ɗari. Daga 20 zuwa 8 zuwa 4. Tazarar da ke tsakanin 8 da 4 ba ta da alaƙa da iya suya ko iya ciniki. Tana nuna da kuɗin wa ake juyawa. Mace biyu za su iya yin aiki iri ɗaya, ribar aikinsu ɗaya, amma mai juya kuɗinta ta tashi da 28, mai juya na aro ta tashi da 16.

Da na nuna mata wannan sai ta ce, "To ƙanena, ai don gudun tsadar bazara na ci bashin." Gaskiyarta, sai muka auna. Jika 600 na sayen kusan tiya 430. Idan tiya ta tashi da sefa 200, an tsira da jika 86. Amma riƙe bashin wata shida jika 72 ne. Abin da ya rage 14, tun ba a yi maganar ƙwari da ramewar gyaɗa a buhu ba. Dabarar ba ta biya sosai sai tashin farashin ya wuce haka, ko a gajarta lokacin bashin. Ba a ganin wannan sai an raba ribar aiki da tsantsar riba.

Tsantsar riba ma tana iya ruɗin mutum ta hanya uku. Na farko, abin da ya faɗo sau ɗaya. Idan aka sayar da tsohuwar ganga aka zuba kuɗin a cikin ciniki, watan zai yi kyau, amma ba zai maimaitu ba. Tsarin lissafin OHADA, wanda kamfanonin Nijar ke bi, ya ware wa irin wannan shigar kuɗi gurbinta dabam, kamar yadda ya ware na bashi, don kada su ɓoye ainihin ribar aiki. Na biyu, riba ba kuɗi a hannu ba ce. Man da aka ba masu tuyar ƙosai bashi an rubuta shi a ciniki, amma bai shigo ba tukuna. Na uku shi ne mafi nauyi: a duk lissafin nan ba a biya Yaya ladan tsayuwarta gaban wuta ba. Da za ta ɗauki wata ta yi aikin a kan jika 15, da tsantsar ribar ta koma jika ɗaya. Abin da muke kira ribarta, kusan duka ladan guminta ne.

Kada kuma a ɗauki kashin wata sana'a a auna wata da shi. Mai sayen aya a kasuwar ƙauye ya kai Maraɗi, ɗanyar ribarsa siririya ce, amma yana iya juya kuɗinsa sau da yawa a wata, kuma ba shi da haya mai nauyi. Tela kuwa zare da maɓalli kaɗan ne a cikin kuɗin ɗinki, ɗanyar ribarsa faffaɗa ce, sai haya da wuta da yaran shago su cinye ta. Awon da ke da amfani shi ne sana'a da kanta, wannan wata da wancan, ko ita da irinta.

Ga iyaye, ƙa'idar a taƙaice take: kuɗin rajista da na littafi daga hawa na uku ake ɗibarsu, kuma daga abin da ya riga ya shigo hannu. Gidan da ke ganin jika 80 ya ɗebi 40 a wata, alhali 16 gare shi, yana zaftare jika 24 daga uwar kuɗi, kuma alamar farko ita ce tiyar da ake saye tana raguwa mako bayan mako. Ga malamai kuwa, darasin kashi cikin ɗari ba ya bukatar misali daga nesa. Ku sa ɗalibi ya tambayo cinikin mako guda na sana'ar gidansu, ya ja layi uku a allo, ya raba kowane saura da ciniki, sannan ku tambaye shi a wane layi kuɗin suka fi zubewa.