Wasiƙar neman a sauya aikin dare: a rubuta ta da tunanin mai tsara jadawali

Yawancin wasiƙun da ma'aikata ke rubutawa don a mayar da su aikin rana saboda jinyar iyali, magiya ce take cika su, kuma a ganina ita take kayar da su. Wanda zai karanta wasiƙar yana iya tausaya miki matuƙa, amma abin da ke gabansa shi ne wa zai kwana a bakin aiki idan kin tashi. Ku ɗauki ɗakin marasa lafiya mai ma'aikatan jinya 8, biyu suna kwana kowane dare. A wata mai kwana 30, kwanan aiki 60 ke nan, kowa yana ɗaukar 7 ko 8. Idan mutum ɗaya ya fita, sauran bakwai za su koma 8 ko 9. Wasiƙar da ba ta taɓo wannan lissafin ba ta bar wa shugaba dukan wahalar.

A ce ma'aikaciya ce wadda mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan majinyaciya ana juya ta kusan duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta haifar mata da gyambo. Da rana ƙanwar ma'aikaciyar tana gida, da dare babu kowa. Wannan kawai za ta faɗa, a jimla biyu ko uku, ta haɗa da takardar likita. Sai ta sa ranar da take son farawa, ta bar tazarar da za a gyara jadawalin wata mai zuwa, ta kuma yanka wa'adi, misali wata uku, bayan nan a sake dubawa. Idan akwai abokiyar aiki da ta yarda su yi musanya, ta faɗi haka, ta kuma nuna za ta karɓi aikin Asabar da Lahadi. Ta miƙa wasiƙar ta hannun shugabar sashenta, ta riƙe kwafin da aka sa wa hannu.

Wasu za su ce ai kowa yana da iyali. Gaskiya ne, kuma dalilin wa'adi da musanya ke nan: abokan aiki sun fi jure nauyin da suka san ranar ƙarewarsa. Wasu kuma na ganin tona asirin gida ne, shi ya sa suke fakewa da cewa su ne ba su da lafiya. Wannan ya fi haɗari, domin ranar da aka tura mutum gwajin likita, magana ta tashi daga neman alfarma ta koma tuhuma. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince tun 1981, a Yarjejeniya ta 156, cewa ɗawainiyar iyali ba dalilin korar ma'aikaci ba ce. Amma wannan bai ba kowa ikon zaɓar lokacin aikinsa ba, don haka kada ma'aikaciyar ta daina zuwa aikin dare sai amsa ta fito a rubuce.